Ciki Wata Bakwai a Azumin Bazara

Tambayar da masu ciki suka fi yi mini idan watan Sha'aban ya raba tsakiya ita ce ko za su iya yin azumi. Amsar da ke bakina ba ta yi musu daɗi, don ba e ba ce, ba kuma a'a ba ce. Nakan ce a miƙo mini karne in duba. Aikin sajifam nake yi a Damagaram, kuma abin da aikin ya nuna mini shi ne mata biyu suna iya zama kan benci ɗaya, cikinsu wata ɗaya, ɗaya ta kai azumi talatin ba abin da ya same ta, ɗayar kuwa kwana uku kaɗai ya isa ya kwantar da ita. Bambancinsu ba a ƙarfin imani yake ba. Yana cikin jini da nauyi da tansiyo, da kuma irin aikin da ke jiran kowacce idan ta koma gida.

Da an ga wata, layin awo sai ya ragu. Dalili ɗaya babba shi ne Fansida, ƙwayoyi ukun nan na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mai ciki tun daga mako na 13, ana maimaitawa da tazarar wata ɗaya aƙalla. Ƙa'idarsu a sha su nan take gaban ma'aikaciya, mu kuma da rana muke awo. To mace ta san in ta zo za a miƙa mata kofin ruwa, sai ta ce bari sai bayan salla. Ta tsallake wata guda ke nan babu awon tansiyo, babu hawa sikeli, babu wanda ya saurari bugun zuciyar ɗan, a daidai watan da ya fi kamata a sa mata ido. Ni a ganina shan azumin yini ɗaya saboda maganin nan, a rama shi daga baya, ya fi araha nesa ba kusa ba. Allurar rigakafin sarƙe-haƙora da ɗibar jini don gwaji kuwa, malamanmu ba su ɗauke su masu karya azumi ba, amma mata da yawa ba su taɓa jin haka ba.

Jikin mai ciki ba ya jure yunwa kamar na sauran mutane, kuma dalilin a fili yake. Ɗan da ke ciki ba ya azumi. Dare da rana yana jan sukari daga jinin uwa ta hanyar mabiyiya, ko ta ci ko ba ta ci ba. Wanda ba shi da ciki, ajiyar sukarin da ke cikin hantarsa takan riƙe shi tsawon yini. Mai ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe, ajiyarta takan ƙare da wuri, sai jiki ya koma ƙona kitse, wani sinadari da ake kira kiton ya fara taruwa a jini, har ya fito a fitsari. Halin da wani zai shiga bayan doguwar yunwa, ita tana iya shiga cikinsa don kawai ta makara ba ta yi sahur ba. An auna wannan a jikin mata masu azumi a karkarar Gambiya, aka buga sakamakon a 1983, aka ga masu tsohon ciki sukarinsu ya fi na kowa sauka kafin shan ruwa.

Amma a ƙasarmu ƙishi ya fi yunwa ɓarna. Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi a da, kuma yawancin ƙarin nan ruwa ne. A watan Afirilu, daga ketowar alfijir wajen ƙarfe 5 zuwa faɗuwar rana wajen 7 saura, awa 13 da rabi ne, zafi kuma ya haura 40. Mace tana gaban murhu tun la'asar, ta yi daka, ta yi wanki, wata ma sai ta je neman ruwan da kanta, don duk wanda ya san Damagaram ya san yadda ruwa ke zama a bazara. Idan ruwan jiki ya ragu, fitsari yakan yi kaɗan ya yi duhu, ciwon sanyin mara ya samu ƙofa, mahaifa kuma ta fara ɗaurewa tana saki kamar naƙuda alhali lokaci bai yi ba.

Gaskiyar da ba zan ɓoye ba, don kar a ce mu ma'aikatan likita tsorata mutane kawai muka iya: da aka tattara bincike 22 wuri ɗaya a 2018, ba a ga cewa azumin uwa ya rage nauyin jarirai ko ya ƙara haihuwar bakwaini ba. Wannan abin kwantar da hankali ne ga mace lafiyayya mai isasshen jini, mai samun abinci da hutu. Sai dai lissafin taron jama'a ne, ba hukuncin mace ɗaya ba. Wadda jininta ya yi ƙasa, ga goyo bai daɗe da sauka daga bayanta ba, ga zafin bazara, ba za ta ɗauki wannan ta yi matashi da shi ba.

Matar ƙanena tana cikin irin waɗannan. Azumin 2022 ya same ta da ciki na huɗu, wata bakwai. Gida ɗaya suke da Inna, mahaifiyarmu, kuma ita ke girkin gidan duka. Awon da ta yi kafin azumi ya nuna nauyinta kilo 58, jininta giram 9 da ɗan ɗoriya. Mai ciki ana so jininta ya kai 11. Ƙasa da haka ƙarancin jini ne, ƙasa da 7 kuwa mai tsanani ne. Na ce mata da wannan jinin, a wannan zafin, ban ba ta shawarar ta ɗauka ba. Ta yi murmushi ta ce, "Yaya, bari in taɓa in gani." Ban matsa ba. Na dai ce ta ci gaba da shan ƙwayar ƙarin jini kullum bayan shan ruwa, kar ta haɗa ta da shayi don shayi yana hana jiki ɗaukar maganin, ta jinkirta sahur, ta sa fura da nono ko tuwo da wake maimakon shayi da burodi, ta kuma rarraba shan ruwa tsakanin magariba da asuba har ya kai lita biyu zuwa uku, ba ta ɗura shi lokaci ɗaya ba.

Goman marmari ta wuce lafiya a ido. Ran 12 ga wata da azahar ƙanena ya kira ni ya ce tana jin jiri, kuma mararta na ɗaurewa. Da na je na tarar da ita zaune a ƙofar madafa ta jingina da bango. Leɓɓanta sun bushe. Bugun hannunta 112 a minti ɗaya, tansiyo kuma 10 bisa 6, wato ba hawa ya yi ba. Na tambaye ta yaushe rabonta da fitsari, ta ce tun bayan asuba, kuma kalarsa kamar shayin da aka bari a wuta. Na sa hannu a cikin, na ji yana tauri yana saki kusan duk bayan minti goma. Sai na yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: yaushe ɗan ya yi motsi? Ta yi shiru tana tunani, ta ce tun hantsi ba ta lura ba.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a sha azumi nan take, ba a jira la'asar ba, balle a ce saura awa biyar a daure. Jirin da ke sa mace ta kasa tsayuwa, fitsarin da ya ɗauke ko ya yi duhu, mara mai ɗaurewa a jere, amai, zazzaɓi, da raguwar motsin ɗa. Akwai kuma waɗanda shan ruwa ma bai isa ba, sai an tafi likita a lokacin: zubar jini ko kaɗan ne, fashewar faya, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa. Waɗannan na ƙarshen alamun hawan jinin ciki ne mai kai wa ga jijjiga, kuma a watan azumi suna da haɗari na musamman, don kowa a gida zai ce ai ciwon kan azumi ne, a bari a sha ruwa zai sauka.

Na haɗa mata ruwan gishiri da sukari na sashe ɗaya a lita ɗaya, na miƙa mata. Ta karɓi kofin ta riƙe, ba ta kai baki ba. Idonta yana kan ɗakin Inna.

Inna ta haifi tara, kuma ta sha faɗa a gaban kowa cewa ba ta taɓa shan azumi don ciki ba. Ba ƙarya take yi ba, kuma ba mugunta ce ta sa take faɗa ba. Abin alfaharinta ne. Amma magana irin wannan, in ta fito daga bakin uwar miji, ta fi fatawa nauyi a kunnen matar ɗa. Na shiga ɗakin na durƙusa na ce, "Inna, jikanki ya daina motsi tun hantsi." Ban ce komai game da azumi ba. Ta taso da carbinta a hannu, ta tsaya kan yarinyar ta ce, "Ke, sha mana, me kike jira?" Ta sha.

Muka kwantar da ita ta gefen hagu, don a haka mahaifa ba ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Ta ci dabino, ta sha kunu. Na ce ta ƙirga motsi: daga wata bakwai, in mace ta ci ta sha ta kwanta ta natsu, ana so ta ji motsi goma cikin awa biyu. Duk da ya fara motsawa kafin mu fita, ban yarda an tsaya a nan ba, muka tafi matanite. Zuciyar ɗan na bugawa 144 a minti, daidai ke nan, bakin mahaifa a rufe. Tsinken gwajin fitsari ya nuna kiton, ya kuma nuna alamar ciwon sanyi, aka rubuta mata magani. Ɗaurewar marar ta lafa bayan an ƙara mata ruwa. Da ta hau sikeli kuwa, kilo 56 da rabi. A wannan matakin na ciki mace ƙaruwa ya kamata ta yi, kusan rabin kilo duk mako. Ita cikin makonni kaɗan kilo ɗaya da rabi ta zubar.

A hanyar komawa gida ne ta faɗa mini ainihin abin da ke ranta, kuma ba tsoron Inna ba ne kaɗai. Ta ce, "Yaya, ramuwar nake gudu. Yanzu kowa na yi, ba ka jin wuya. In na sha, ni kaɗai zan yi, ga jariri a hannu. In Allah ya kawo wani cikin kuma bashi ya hau kan bashi." Wannan ita ce maganar da mata ba sa faɗa wa likita ko malami, kuma ita ce ke sa su ɗaukar azumin da jikinsu ya ƙi. Duk wanda zai ce wa mai ciki ta sha, in bai zauna ya yi mata lissafin ramuwa ba, rabin aiki ya yi.

Da daddare ƙanena ya je wurin malamin da Inna ke ɗaukar karatu a gidansa, ya dawo da bayanin da na san shi tun muna makarantar allo muna bitar Risala, amma jin sa daga bakin malam ya fi amfani a gidan fiye da jin sa daga bakina. Sassaucin yana da tushe a ayoyin azumi na Suratul Baƙara, ta 184 da ta 185, inda aka yarje wa marar lafiya da matafiyi su sha su rama, sannan akwai hadisin Anas ɗan Malik Alka'abi da ya ambaci mai ciki da mai shayarwa ƙarara. Malaman Malikiyya, mazhabar da ƙasarmu ta tashi a kanta, sun kasa halin mai ciki uku. Wadda azumi bai wahalar da ita ba kuma ba ta jin tsoron komai, ciki kaɗai bai zame mata uzuri ba, za ta yi azuminta. Wadda yake wahalar da ita ƙwarai, ko take tsoron ya jawo mata ciwo ko ya ƙara wanda ke akwai, tana da zaɓi ta sha. Wadda kuwa take tsoron halaka ko cuta mai tsanani ga kanta ko ga abin da ke cikinta, shan ya zama wajibi a kanta. Wannan na ukun shi mutane suka fi mantawa. Suna ɗaukar shan azumi kamar alfarma ce da jaruma ke iya ƙin karɓa, alhali akwai gaɓar da ci gaba da azumin shi ne saɓo.

Tsoron da ake nufi ba zullumi ba ne na haka kawai. Ana gina shi kan abin da mace ta taɓa gani a jikinta, ko alamar da ta bayyana, ko maganar likita amintacce. A nan aikinmu da na malamai ke haɗuwa. Malam ya san hukunci, amma ba shi da abin awon tansiyo. Ni ina da abin awo, amma ba ni ke yanke hukunci ba. Abin da zan iya faɗa shi ne akwai matan da tun kafin a ga wata nake gaya musu tsoron ya tabbata a kansu, ba sai sun taɓa sun gani ba. Mai ciwon sukari tana gaba, musamman mai allurar insulin, don sukarinta na iya faɗuwa da rana ya kuma yi tsalle bayan shan ruwa, dukansu biyu kuwa suna cutar da ɗa. Haka mai amosanin jini, wadda ƙishi kaɗai ke iya tayar mata da ciwo. Haka wadda tansiyonta ya kai 14 bisa 9, da mai tagwaye, da wadda laulayi ya hana komai zama a cikinta, da wadda awo ya nuna ɗan ba ya girma yadda ya kamata, da wadda ta taɓa haihuwar bakwaini. Mai zazzaɓin cizon sauro ma babu zancen azumi a kanta sai ta gama magani ta murmure.

Masu ƙaramin ciki suna da tasu matsalar daban, mai ban dariya da ban tausayi. Amarya mai cikin fari ba ta son a sani, kunya ta hana ta faɗa ko wa uwarta, sai ta riƙa amai a ɓoye tana kai azumi don kar a gan ta da kwano da rana a gane. Nakan ce musu mata na shan azumi kowane wata don al'ada ba wanda ya tuhume su. Ki shige ɗaki ki ci abinki, ba wanda zai buga miki ganga.

Game da abin da ke kan mace bayan ta sha, mashahurin zance a Malikiyya shi ne mai ciki ramuwa kawai za ta yi, babu ciyarwa, don an ɗauke ta a matsayin marar lafiya. Mai shayarwar da ta sha don tsoron ɗanta ita ce za ta rama kuma ta ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowane yini. Hanafiyya sun ce ramuwa kawai ga dukansu. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce in don ɗan kaɗai ta ji tsoro, ta rama ta ciyar. An kuma ruwaito daga Ibnu Abbas da Ibnu Umar cewa ciyarwa kawai za su yi babu ramuwa, kuma matan da haihuwa ta jeru musu sukan ji wannan a wa'azin rediyo su zo suna tambayata. Nakan tura su wurin malaminsu, don wannan ba awo ba ne.

Matar ƙanena ba ta sake ɗauka ba a wannan shekarar. Da aka yi salla kwana 18 ke kanta. Muka zauna da kalanda. Haihuwa ƙarshen watan Yuni ake sa rai, kuma haka aka yi, ta sami ɗiya mace mai kilo 2 da giram 900. Bayan haihuwa akwai jinin biƙi, sannan wata shida na nono zalla, wanda ba na son mace ta haɗa shi da azumi in akwai yadda za a yi. Wata shidan zai cika ƙarshen Disamba, tsakiyar sanyi, lokacin da yini ya fi gajarta kuma mutum kan wuni bai tuna da ruwa ba, jaririya kuma ta fara shan kunu. Ramuwa ba dole a jere ba. In ta ɗauki Litinin da Alhamis kawai, kwana 18 mako tara ne. Azumi mai zuwa kuwa sai wajen 23 ga Maris na 2023, wato tana da mako goma sha biyu, da rarar mako uku ko da ciwo ya gitta.

Ta tambaya in ba ta gama ba fa har wani azumin ya riske ta. Malam ya riga ya amsa wannan: wadda ta samu dama ta yi sakaci, za ta rama bayan salla ta kuma ciyar da mudu ɗaya kan kowane yinin da ya rage; wadda uzurinta bai yanke ba, ramuwar kawai ke kanta duk lokacin da ta samu iko. Mudun ma ba tiyar kasuwa ba ce kamar yadda take zato. Cikin tafin hannu biyu ne na mutum matsakaici, rabin kilo da ɗan wani abu na gero, ta yadda tiya ɗaya ta ishi kwana huɗu. Da ta ji haka sai ta yi dariya ta ce ita tun tuni buhu take lissafawa.

Ta fara ranar Litinin ta ƙarshen Disamba. Inna, da ke azumin Litinin da Alhamis tun rasuwar Baba, ita ke tashinta sahur, kuma a ranakun nan ta hana ta shiga madafa da yamma, ƙanwarmu ce ke dafa tuwon dare. Sau biyu ta tsallake, ɗaya don jaririyar ta yi gudawa tana bukatar nono sosai, ɗaya don baƙi. Ta cike na goma sha takwas a farkon Maris, cikin watan Sha'aban, zafi ya fara dawowa.